Kalmar "tsantsa" a wasiƙata

Kopin wasiƙar yana hannuna, don haka abin da ke cikinta tabbatacce ne. Kwanan wata ne babu, sai dai na san bayan girbi ne, shekarar da na dawo Dakoro da digirina na lisansi. Maganganun kuwa daga ƙwaƙwalwa na ɗebo su.

Na rubuta wa wani Alhaji mai kamfanin man gyaɗa shawarar bideyon talla na daƙiƙa talatin. A bideyon, maƙwabciyarmu mai ƙosai za ta zuba man a kasko, ta ce, "Man gyaɗa tsantsa." Na jera kuɗin hayar kamara, na montaj wato haɗa hotunan, ladanta, da na yaɗawa a Facebook. Ɗauka kwana ɗaya, haɗawa mako guda. Yawan masu kallo kuwa na bayyana cewa hasashe ne, ba alkawari ba.

Ya kira ni magaza ɗinsa, inda yake ajiye kaya. A gabana ma'aikatansa suke juye man kanti mai araha cikin tano, wato gangar man gyaɗa, suna dura kwalabe.

Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, sai mu cire tsantsa."

Ya yi dariya. "Ɗana, duk takardar nan wannan kalmar kaɗai zan saya. Ai kai ka rubuta, ba ni ba."

Na bar aikin, ga shi shi ne na farko da na taɓa samu. Maƙwabciyar tana suya da man har yau, kuma bashi Alhajin yake ba ta. Ban sani ba, in gaya mata ko in yi shiru?