Saƙon Minti Goma

Shekara biyu da gama karatun injiniya, ban samu aiki ba. Na rubuta wa wani babban injiniyan ruwa a Karewa saƙo, ba mu taɓa haɗuwa ba. Yayata ta sa na goge gaisuwa da kirari, na bar tambaya ɗaya: in fara da aikin rijiyar burtsatse ko in koma karatu? Na roƙi minti goma kawai.

Amsarsa ta zo da zafi: "Ɗan gidan waye kai? Ko gaisuwa babu."

Haushi ya kama ni. Na sake rubutawa, gaisuwa layi bakwai, na ambaci kawuna na Rumde. Nan take ya ce in zo.

Awa guda yana ba ni labarin kawuna. Tambayata kuwa, har yau bai amsa ba.