Ranar da Kawu Ya Ce A'a

Kawuna mai gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki ne, kuma tun da na buɗe ido ban taɓa jin kalmar "a'a" ta fito daga bakinsa ba. Ka kawo masa firjin da ya mutu murus, sai ya shafa gemu ya ce, "Bari dai mu gani." Shi ya sa bayan shagonsa ya zama maƙabartar firji, shi ya sa kuma abokan sana'a suke kiransa Bari-mu-gani.

Amininsa, Baban Tagwaye, shi ya kai sunansa wani kamfanin sarrafa madara da ke neman shugaban masu gyara. An sha tafiya. Aka yi wa Kawu tambayoyi ta waya, aka kira shi gaban kwamiti, aka ba shi lalataccen injin ɗakin sanyi ya gyara suna tsaye a kansa, aka tura shi gwajin lafiya. Wata da watanni, har takalminsa ya san hanya. Daga ƙarshe takardar tayin aiki ta zo, da albashi mai tsoka da wa'adin ba da amsa. Sai dai injinan ba sa barci, don haka mako guda a kowane wata a can zai kwana.

Matarsa, da muke kira Anti, ta fi kowa murna. Shi kuwa ya bi ya rame. Na same shi a shago ya kashe waya ya jefa cikin akwatin sifana.

"Kawu, lafiya?"

Ya daɗe yana goge hannu da tsumma kafin ya ce, "Antinki dundumi ke damunta. Rana na faɗuwa sai lalube. Ta ɗauka ban lura ba, ni kuma ban tona ba. Yara sun watse, wa zan bar ta da shi?"

Tausayinsu ya kama ni, amma haushi ya fi yawa. Dabararsa ita ce ya yi shiru har wa'adi ya wuce, su gaji su haƙura. Na ce masa shirun nan ba kunya ba ce, zubar da mutuncin Baban Tagwaye ne da ya tsaya masa, ga wanda ya zo na biyu yana can yana jiran tsammani.

Washegari Kawu ya fara zuwa gidan amininsa, don kada ya ji labarin ƙin aikin a bakin wasu. Baban Tagwaye ya yi faɗa ya gaji, sannan ya ce, "Je ka faɗa musu da bakinka, kafin su saya maka kakin aiki."

Na raka shi kamfanin. Jami'ar ɗaukar ma'aikata ta tarbe mu da fara'a, har ta miƙo biro. Kawu ya yi gaisuwa kamar ba zai gama ba, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, ya tambayi injin da ya gyara. Na taka masa ƙafa.

"Ranki ya daɗe," ya ce, "na gode da lokacin da kuka ɓata a kaina, da yardar da kuka ba ni. Amma ba zan karɓi aikin ba. Akwai larura a gidana da ba za ta bar ni in kwana a waje ba."

Ta tambaya ko albashin ne. Ya ce ko kusa. Ta ce da akwai yadda za a cire kwanan da ta cire, amma muƙamin da shi yake tafiya. Ba ta tona larurar ba, shi ma bai ƙara ba. Ta gode da ya zo da wuri, ta roƙi ya aiko da amsar a rubuce don su kira na biyu. Layi uku na rubuta masa a wayarsa muna tsaye a bakin ƙofa, ya tura.

Mun isa gida dab da magariba. Anti tana zaune kusa da taga da tiren wake a cinya.

"Ka sa hannu?"

"Na ce musu a'a."

"Kai ɗin? Da wane bakin?" Ta yi dariya, sannan dariyar ta tsaya. "Me ka ce musu ya hana ka?"

"Na ce in rana ta faɗi ina da aiki a gida."

Yatsunta suka daina motsi cikin waken.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun da kika fara bin bango in za ki kicin."

Ta ajiye tiren a hankali. Ta miƙo hannu wajen da muryarsa ta fito, ta ɗan kuskure, shi ya matso ya kama.

"To, gobe ka kai ni asibitin ido," ta ce. "Na gaji da ɓoyewa."