Sunana a Kamfanin Baba

Ina aji biyu a jami'a lokacin da Baba ya yi wa kasuwancinsa na wake rajistar kamfani. Ya sa sunana darakta ta biyu, wai ni ce mai boko a gidan. Na sa hannu ina murmushi. A raina darakta mace ce mai ofis da labule fari, iska na kaɗa shi.

Shekara biyu ana sayo wake daga Karofi, ana lodi a ƙofar shagonmu a Kurfi. Da hanya ta lalace da tsoron 'yan bindiga, Baba ya rufe shagon ya koma gona. Satifiket ɗin rajistar ya rage a bangon falo, cikin gilashi.

Bana na samu aikin gwamnati. Sai aka gaya mini ma'aikaci ba ya riƙe shugabancin kamfanin kasuwanci, dole in sauka kafin in kama aiki. Na ɗauka abin kwana ɗaya ne. Muka hau mota ni da Baba zuwa Dutsin-Ma, wurin lauyan da ya yi mana rajistar.

Lauyan ya buɗe shafin hukumar rajista, ya juyo mana da kwamfutar. An rubuta kamfanin ba ya aiki, ga sunana a ƙasa.

"Alhaji, ba ku taɓa shigar da rahoton shekara ba."

"Rahoton me? Ni da na rufe shago?"

"Shago ka rufe. Kamfani yana nan a rajista. Ko ƙwayar wake bai sayar ba, duk shekara sai ya faɗa wa hukuma yana raye, ga daraktocinsa, ga bayanin asusunsa. Duk shekarar da aka tsallake akwai tara, kuma har daraktoci tana hawa."

"Har ita?"

"Har ita."

Na ce a hankali, "Barista, ni sunana kawai nake so a cire."

"Rubuta takardar sauka, Alhaji ya karɓa. Amma hukuma ba za ta sauya komai ba sai an cike shekarun baya."

"To a kashe kamfanin," in ji Baba.

"Shi ma sai an cike."

Baba ya cire hula ya dubi cikinta. Ya tambayi kuɗin da za a kashe, lauyan ya faɗa, Baba ya mayar da hular.

A mota ya ce, "Ɗiyata, wa zai duba?"

"Duk mai waya, Baba."

Da muka hango Kurfi ya ce, "Bari wake ya zo. Da shi zan fitar da ke."

Na rubuta takardar, ya karɓa da hannu biyu kamar baƙo. Wurin aiki sun ɗaga mini ƙafa zuwa ƙarshen wata. Ni dai na san wake ba ya nuna a wata guda.

Da safe nakan bi Baba gona. Yana duba ganye, ni ina duba waya. Sunana na nan inda yake, waken kuma ko fure bai fara ba.