Lodin Kwanon Gitata

Sati uku ke nan da faruwar abin, amma har yanzu na kasa buga labarinsa a kan tafireta. Shi ya sa nake rubuta wannan da alƙalami.

Bara na gama sakandare, na koyi buga tafireta wata shida, sannan na samu aiki a ofishin wani ɗan kwangila a nan Keffi. Tun da gwamnati ta ce kowane yaro zai shiga firamare kyauta, aikin gina azuzuwa ya yi yawa, wasiƙu kuma ba sa yankewa. Mahaifina bai so na yi aiki ba. Da ƙyar ya yarda, da sharaɗi ɗaya: ranar da aka kawo masa ƙarata, ranar zan ajiye aikin, kuma ba zan sake neman wani ba. Alhaji mai kamfanin shi ma cewa ya yi zai gwada ni wata uku tukuna. Lokacin da abin ya faru, saura kwana tara watannin su cika.

Alhaji ba ya karanta Turanci. Idonsa da bakinsa a wannan fanni shi ne babban akawu, wani dattijo ɗan kudu da ya shekara talatin a Sabon Gari, Hausa a bakinsa kamar a nan aka yanke masa cibiya. Baba Akawu muke ce masa. Ba ya rubuta wasiƙa da hannu. Yana zagaya ɗaki ne yana faɗa, ni ina bugawa, kuma bai cika kai ƙarshen jimla ba sai direba ko birkila ya leƙo ya katse shi.

Ranar, wata Talata, wasiƙa ce zuwa Jos. Ya fara: "The load of roofing sheets for the new classrooms at Gitata," sai wani direba ya shigo neman makullin sito. Da ya sallame shi ya juyo ya ƙarasa: "have arrived."

Yatsana ya tsaya. Abin da ya iso lodi ne, guda ɗaya, saboda haka has ya kamata. Na san wannan tun aji biyu. Amma ta yaya zan buɗe baki na gyara wa sa'an mahaifina magana? Sai na buga has na yi shiru, a zatona ba zai lura ba. Nan na yi wauta, domin Baba ba ya kai wa Alhaji takarda ya sa hannu sai ya bi ta da bakin biro layi-layi.

"Ke! Me na ce miki?"

"Baba, have kuka ce."

"To wane malami ne ya sa has? Classrooms has? Haka aka koya muku a sakandaren? Ni da na yi wa Turawa aiki tun uwarki tana wasan 'yartsana!"

Ya ɗauki wasiƙar da kwafinta ya yi ofishin Alhaji, ya ce na biyo shi. Taku goma ne tsakani, amma ban san yadda na taka su ba. Fuskar mahaifina kawai nake gani.

Alhaji ya saurari Baba har ya gama. Ya jujjuya takardar a hannunsa, ya ajiye.

"Ni kun san wannan takarda da bango duk ɗaya ne a wurina. 'Yata, kin canja maganarsa?"

"Na canja, ranka ya daɗe."

"Da izinin wa?"

Na durƙusa.

"To faɗa mini da Hausa abin da wasiƙar ta ce. Yadda kika buga, da yadda ya faɗa."

Na ce yadda na buga shi ne: lodin kwanon rufi na sababbin azuzuwan Gitata ya iso. Yadda Baba ya faɗa kuwa: lodin kwanon rufi na sababbin azuzuwan Gitata sun iso.

"Sun iso? Su wa? Azuzuwan ne suka tako daga Gitata?"

Ya yi 'yar dariya. Ni ban yi ba, Baba ma bai yi ba.

"Akawu, lodi nawa aka sauke jiya?"

"Ɗaya, Alhaji."

"To me ya kawo sun?"

Sai Alhaji ya maido tambayar kaina. Da na samu rami a lokacin da na shige. Na ce, ranka ya daɗe, ba rashin sani ba ne. A Turanci kalmar aiki tana bin ainihin abin da ake magana a kansa ne, ko da an jera bayani mai tsawo a tsakaninsu. Amma mai faɗa da baki, kafin ya kai ƙarshe ya yi nisa da kalmar farko, abin da ya rage masa a kunne su ne sunayen baya-baya. A nan sheets da classrooms ne, duka jam'i, sai harshe ya bi su ya manta da load. Balle kuma an katse shi a tsakiya. Ni ido nake amfani da shi, farkon jimlar yana gabana a kan takarda. Na ce malamarmu ta koya mana mu rufe tsakiyar da yatsa mu karanta abin da ya saura. Na rufe, ya saura The load has arrived.

Alhaji ya daɗe yana kallon Baba. Sannan ya jawo wasiƙar ya sa hannu.

"Ta tafi yadda take. Ke kuma saurara. Gaskiyarki ce a kan kalma, amma abin da kika yi ba daidai ba ne. Ni makaho ne a takarda. Idan mai bugawa tana canja abu a ɓoye, yau kalma ce, gobe ban san me zan sa wa hannu ba. In kin ga gyara, ki faɗa masa a kunne. Je ki ba shi haƙuri. In ya haƙura kina nan. In bai haƙura ba, ni ba zan rabu da akawuna saboda ke ba."

Na tarar da Baba a kujerarsa, ya cire tabarau yana goge shi da gefen riga. Na durƙusa na ce, "Baba, ku yafe mini, na yi kuskure."

Bai kalle ni ba. Na fara tunanin kalmomin da zan faɗa a gida. Can ya ce, "Ɗauko mini fayil ɗin bara."

Na ɗauko, na sake durƙusawa. Wasiƙu ne da aka buga tun kafin zuwana. Ya rinƙa buɗe kwafin ɗaya bayan ɗaya, yana ɗora babban yatsansa a tsakiyar jimla, leɓunansa suna motsi. A wata ya tsaya: The bags of cement in the store is finished. Wannan karon store ne ya ja shi, alhali buhuna ne suka ƙare, are ya kamata. Ya sa biro ya ja layi a ƙarƙashinta. Ya samu wata, ya sake ja. Na ƙirga guda biyar kafin na sunkuyar da kaina, don ban ga ya dace na ci gaba da kallo ba.

"Duk waɗannan sun je Jos," in ji shi, ba da ni yake ba. "Babu wanda ya taɓa gaya mini."

Ya rufe fayil ɗin.

"Tashi, gwiwarki za ta yi ciwo. Daga yau in an katse ni, ki karanto mini jimlar daga farko kafin na ƙarasa. Da ƙarfi, ba wannan muryar ta sauro ba."

Watanni ukun sun cika, Alhaji ya ce na ci gaba. Ina karanto wa Baba jimlolinsa yadda ya ce, yana tsayawa ya saurara, ya zaɓi kalmarsa da kansa. Amma ya daina zagaya ɗaki. A zaune yake faɗa yanzu, a hankali, kuma ya daina ba direbobi labarin zamanin Turawa. Kowace safiya idan na gaishe shi yana amsawa da kyau, ni ce dai har yau ban iya haɗa ido da shi ba.