Hatsin Juma'ar Alhaji Mala

Yayana Suma'ila mutum ne da in ka taka masa ƙafa shi zai ce ka yi haƙuri. Ni Lubabatu ba a yi ni haka ba, shi ya sa nake ba da labarin nan, don in shi aka bar wa, cewa zai yi ba abin da ya faru.

Mu mutanen Guna ne. Tun yana saurayi ya shigo Damagaram, ya kama aikin awo a mangazar Alhaji Mala da ke Zango, inda ake sayen gyaɗa. Albashin wata ake ba shi. Da shi ya yi aure, da shi ya riƙe ni lokacin da mijina ya rasu. Sai fari ya zo. Gyaɗa ta mutu, Alhaji ya koma fataucin hatsi, Yaya ya ci gaba da awo tun safe har magariba, amma albashi shiru. Wata ya bi wata, kullum sai a ce masa, "Ka ga dai yanayi."

Ana cikin haka dangi suka kwararo daga ƙauye, gida ya cika da bakuna. Yaya ya je Guna ya ba da jinginar gonar babanmu ga wani mai hali, Ari. Suka yi magana gaban shaidu: in damina biyu suka wuce ba a fanshe ta ba, gona ta zama ta Ari. Gonar nan ita kaɗai babanmu ya bar mana.

Kar in ci haƙƙin Alhaji, yana ba da hatsi. Kowace Juma'a bayan an sauko, sai ya zauna ƙofar gida a auna wa mabuƙata tiya-tiya, maroƙinsa Dodo na tsaye yana kwarara murya: "Sadakar Alhaji Mala! Mai ciyar da bayin Allah a shekarar yunwa!" A layin nan Yayana yake tsayawa da buhunsa, tsakanin makafi da gwauraye. Mutumin da ya yini yana yi masa aiki! Ranar da na gan shi, yana dawowa gida na tare shi.

Na ce, "Yaya, haƙƙinka ka ci ko bara?"

Ya ce, "Ke dai bakinki."

Damina ɗaya ta wuce. Da kaina na nemo Nomau, maƙwabcinmu da ke cikin sandika, ƙungiyar ma'aikata. Nomau ya ce kar Yaya ya tsaya jan ƙafa, don kukan albashi yana da wa'adi, in ya wuce doka ba ta sauraro. Ya ce farko sai biro, wato ofishin mai duba harkar ƙwadago, a can ake gwada sulhu. Sai da na yi kwana da kwanaki ina mita kafin Yaya ya sa takalmi.

Mai dubawa ya rubuta kukansa, ya aika wa Alhaji takardar kira. Ranar zaman ina waje gindin itacen bedi, Nomau ne ya fito yana dafe da kai. Wai Alhaji na shigowa, Yayana ya tuɓe takalma ya durƙusa. Da aka tambaye shi mene ne tsakaninsu, sai ya ce, "Ubana ne."

Alhaji ya samu abin da yake so. Ya ce, "To kun ji. Yaron gidana ne, ba ma'aikaci ba. Ɗa na bin uba albashi?"

Mai dubawa ya yi juyin duniya, Alhaji ya ce ko dala ba zai bayar ba. Aka rubuta takardar rashin sulhu, magana ta wuce kotun ma'aikata. Na tambayi Nomau nawa za mu biya, ya ce shari'ar ma'aikata kyauta ce. A hanya na wanke Yaya tas. Sai da muka kai gida ya ce, "Shi ya yanka ragon sunan ɗana na fari, Lubabatu." Sai tausayinsa ya kama ni.

Aka yi ta jira, zafi ya shigo, gajimare ya fara haɗuwa. A Zango har an fara kiran Yaya butulu. Aiki kuwa bai fasa zuwa ba, Nomau ya ce kar ya ba su hujjar cewa shi ya gudu.

Ranar kotu alƙali ya zauna da mataimaka biyu, ɗaya daga ɓangaren masu ba da aiki, ɗaya daga na ma'aikata. Suka fara shiga ciki da Yaya da Alhaji, suka sake gwada sulhu, abu ya ƙi. Sannan aka buɗe zama, muka shiga.

Alƙali ya tambayi Alhaji ta bakin tafinta, wa ke sa wa Suma'ila lokacin zuwa da na tashi. Alhaji ya gyara babbar riga ya ce, "Ni mana! In ban ce ya tashi ba, ko ruwa ba ya fita sha." Alƙali ya ce wanda ke aiki ƙarƙashin umurnin wani a kan lada ma'aikaci ne, ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Ya nemi shaidar an biya watannin nan, babu.

Sai Alhaji ya sauya hanya. Ya ce ai ya biya da hatsi, a lissafa. Alƙali ya ce doka ta ce da kuɗi ake biyan albashi. Alhaji ya dage sai an cire kuɗin hatsinsa. Nan mataimakin ɓangaren masu ba da aiki, wani dattijon ɗan kasuwa da ya san Zango ciki da bai, ya nemi izini ya ce, "Alhaji, hatsin nan da Dodo ke shela duk Juma'a, sadaka ne ko albashi?"

Rabin mutanen da ke zaune sun ji shelar nan da kunnensu. In Alhaji ya ce albashi, ya ƙaryata kansa gaban gari, ya kuma zubar da ladansa. Ya daɗe yana jan casbi, sannan ya ce a hankali, "Sadaka ce."

Ni na ji daɗi har raina. Na waiga in ga Yaya, sai na ga hawaye na bin gemunsa.

Kotu ta ce a biya shi duka. Alhaji bai ɗaukaka ƙara ba, amma bai biya ba sai da ma'aikacin kotu ya je mangaza da takardar hukunci. Ko hutawa Yaya bai yi ba, ya hau motar Guna. Ya tarar ruwan shuka ya sauka, Ari ya riga ya shuka. Ari ya karɓi kuɗi gaban shaidu, ya ce amfanin bana na wanda ya shuka ne, gona ta dawo bayan girbi. Haka aka yi. Yaya bai sake awo a Zango ba, don ba mai ɗaukarsa.

Shekarar da ya fara girbe gonar da hannunsa, Alhaji ya riga ya karye, mangaza a rufe, Dodo ya koma ƙofar wani. Sai na ga Yaya yana ɗora buhun gero kan jaki. Na ce ina zuwa? Ya ce Zango. Na bi shi ina faɗa tun daga gida.

Muka sami Alhaji shi kaɗai a zaure. Yaya ya tuɓe takalma, ya durƙusa kamar da, ya ajiye buhun bayan ƙofa inda masu wucewa ba za su gani ba. Alhaji ya dubi buhun ya ce, "Suma'ila, wannan biya ne ko sadaka?"

Yaya ya ce, "Gaisuwa ce, Baba. Daga gonarmu."

Duk bakin nan nawa, ranar ni ma na tuɓe takalma na gaida Alhaji.