Kuɗin motar filin jirgi

Ranar da kakata za ta dawo daga umara, ni Baba ya zaɓa in raka shi Kano. Ina aji uku na ƙaramar sakandare a lokacin. Wana, wanda ke karatu a Zariya, shi ya kamata ya je, sai jarrabawa ta riƙe shi. Ya zo gida ya bar mana wayarsa, ya zaunar da ni a gindin rumbu ya nuna mini yadda ake kiran mota da ita: ka rubuta inda kake da inda za ka, wayar ta nuna kuɗi, ka danna, direba ya zo har ƙofar gida. Ya ce ba a barin adaidaita ya shiga cikin filin jirgi, kuma Iya ba za ta iya takowa bakin titi da gwiwoyinta ba.

Iya muke ce wa kakar tamu. Sunanta aka sa mini, shi ya sa Baba bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata.

Baba ya sayar da mazarƙwaila a kasuwar Makarfi, ya kasa kuɗin kafin mu fita. Na shiga filin jirgi daban, na fitowa zuwa tasha daban, sai na motar komawa gida. Wannan na ƙarshen kujera huɗu ne: tawa, tasa, da biyu na gaba don Iya ita kaɗai, ta samu ta miƙe ƙafa. Tun kafin ta tafi ya yi mata alkawarin ba za a matse ta da kowa ba, kuma ya maimaita a gaban mutane.

Mun sauka gidan Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ke jego ba ta fita. Bayan azahar Baba ya ce in duba kuɗin motar filin jirgi a wayar. Na rubuta yadda aka koya mini, wayar ta nuna dubu huɗu da ɗari biyar.

"To, ciniki ya faɗa," in ji Baba. "Kira shi."

A wajenmu haka ne. In ka yi tsada da mai mota an gama, ko ruwa ko iska ba ya ƙara sisi, kuma zai jira ka har ka gama abin da kake yi. Wana ya gaya mini kuɗin farko kiyasi ne, yana iya motsawa. Na tuna, amma Baba ya riga ya juya yana magana da Gwaggo.

Na zauna a kan tabarma ina kallon 'yar motar tana rarrafe a kan taswira. Ta kusa kwanar layin sai Gwaggo ta leƙo daga ɗaki.

"Yaya, ina za ku? Shinkafar ko tsotsewa ba ta yi ba."

"Jirgi ba ya jira."

"Jirgin umara? Wanda ya taɓa sauka a kan lokaci a nuna mini shi. Wallahi ba za ka fita gidan nan da yunwa ba, a je a ce wa Iya na kore ka."

Baba ya yi dariya ya ce, "Uwata, ba shi haƙuri. Ma kira shi anjima."

Da na je sokewa, wayar ta fito da rubutu cewa direban ya riga ya yi nisa, za a ci tara. Na karanta sau biyu. Na ɗaga kai, na tarar an miƙa wa Baba jaririn, ya rufe ido yana yi masa addu'a, leɓunansa na motsi a kan ɗan kan. Ban san ta inda ake shiga tsakanin mutum da addu'arsa da maganar tara ba. Na danna. Ban ga an cire komai ba, sai na ɗauka ya wuce.

Muna cin abinci hadari ya taso daga gabas. Kafin mu wanke hannu an fara yayyafi. Da na sake dubawa, kuɗin ya haura dubu shida, da ɗan rubutu a ƙasa cewa masu neman mota sun yi yawa yanzu. Kowa a Kano ya gudu daga ruwa ya koma waya. Na ce a raina bari in ɗan jira ya sauko.

"Kin kira shi?"

"Baba, kuɗin..."

Daidai nan surukar Gwaggo ta yi sallama, tsohuwa mai lulluɓi da buhun leda a ka. Baba ya miƙe ya durƙusa. Ta gefen baki ya ce mini, "Kira shi mana." Na kira.

Motar ta iso da wuri, farar ƙarama, ina hango ta ta zaure, abin share gilashi na kai da kawo. Tsohuwa kuwa ta fara daga damina. Ya shuka, ya masara, ya mutanen Kudan inda 'yarta ke aure, an ce rake ya yi tsada bana. Sai aka kira la'asar. Baba ya ce tunda mota ta samu, hankali ya kwanta, bari ya yi salla. Har ya aika yaron gidan ya kai wa direba ruwa, ya ce a gaishe shi da aiki.

A fuskar wayar wani agogo ya bayyana. Da farko ya ce jiran kyauta ne, sannan ya sauya launi ya fara ƙirga kuɗi. Na kife wayar a cinyata. Na ɗaga, ya ƙaru. Akwai jerin tururuwa da ke ɗauke da ƙwayar shinkafa suna hawa bangon Gwaggo, su na yi ta kallo har Baba ya sallame. Bayan salla aka shiga sallahu: a gaida Iya, ga kwanon dambu a kai mata, a ce mata ta ajiye wa jariri zamzam. Gwaggo ta rako mu iyakar zaure, nan ma aka tsaya.

Direban magidanci ne mai furfura a gemu. Bai ce komai a kan jiran ba. Baba ya zauna gaba suka yi ta hirar taki. A ƙofar filin jirgi akwai shinge da ɗan ɗaki, direba ya sauke gilashi ya biya, aka ɗaga sandar. Baba ya juyo ya ce mini, "Kin ga mutumin kirki, har kuɗin ƙofa."

Da muka tsaya, Baba ya miƙa dubu huɗu da ɗari biyar, a jere, kawunan duk suna kallon gefe ɗaya. Direba ya duba wayarsa.

"Alhaji, dubu takwas da ɗari biyu ne."

"Na'am?"

"Ga shi nan."

"Malam, ka ji tsoron Allah. Don ka gan mu da kwano a hannu? Mu ma muna da motoci a garinmu."

"Alhaji, ba ni nake sa kuɗi ba. Ni ma gani nake yi, kamar yadda kake gani."

"Da furfurarka. An yi tsada, ka yarda ka zo."

Muryar Baba ta ɗaga har wani mai tura kaya ya tsaya. Direban ya cire hularsa ya mayar. Ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Yarinya tana da shi a wayarta. Ta karanta maka ɗaya bayan ɗaya."

Baba ya juyo. "Karanta mini, Uwata. Da Hausa."

Na karanta. Kuɗin tafiya, wanda ya tashi saboda ruwa. Kuɗin jira. Kuɗin ƙofa, wanda direba ya biya ake mayar masa. Sai tarar motar farko, wadda aka ɗoro a kan wannan tunda da hannu muke biya.

"Wayar ta faɗa kafin nan?"

"Ta faɗa."

"Duka?"

"Ban da na ƙofa."

Ina jiran faɗa, har na sunkuyar da kai na shirya masa. Sai na ji Baba ya ce wa direba, "Malam, na ɗauki alhakinka. Ka yafe mini." Ya sa hannu a kason motar gida ya cika. Direba ya ce a bar na jiran, Baba ya ce a'a, ai jiran an yi shi.

Jirgin ya makara, kamar yadda Gwaggo ta faɗa. Iya ta fito a keken guragu, da farin mayafi da jarkar zamzam a cinya. Ta kama kumatuna ta ce, "Takwara, ina cigiyarki a Makka ba ki zo ba, rowar ƙafa." Na yi murmushi. Motar fitowa na nuna wa Baba kuɗin kafin in danna, na faɗa masa da ƙarfi har Iya ta ce ko kurma ne. Wannan karon abin da aka nuna shi aka biya.

A tasha muka samu motar Makarfi saura mutum kaɗan. Direban ɗan unguwarmu ne. Na ga Baba ya koma bayan mota ya ƙirga abin da ya rage, ya sake ƙirgawa. Kuɗin kujera uku ne kawai. Da ya zauna gaba tare da Iya sun isa, kuma na san Iya ba za ta ce komai ba. Ya biya biyu na gaba da ɗaya a baya. Ya ɗaga ƙafafunta da hannunsa ya shigar, ya naɗe ɗan bargonta ya tokare mata gwiwa.

"Kai fa?" in ji Iya.

"Akwai mai taki da zan gani a Dawanau. Ku je, ina tafe."

"Da magariba?"

"Sai yanzu yake zama."

Na leƙa ta taga na ce, "Baba, ni in zauna, kai ka..."

"Ki kula da jarkar, kada ta tuntsure."

Iya ta yi barci kafin mu fita gari. Ni na rungume jarkar har gida.

Baba bai koma gidan Gwaggo ba, don a can sai an tambaye shi dalili, kuma mijinta zai sa hannu a aljihu. A masallacin tasha ya kwana. Da hantsi ina shara a ƙofar gida na ga babbar motar 'yan gwari ta tsaya a bakin titi, cike da kwandunan tumatir da babu komai a ciki. Baba ya sauko daga samansu a hankali, yana neman wurin sa ƙafa. Rigarsa ta sha jan ruwan tumatir da laka, yana tari.

Na ɗebo ruwa a buta na kai masa dakali. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar kullum. Daga cikin gida ana jin mata 'yan barka da muryar Iya tana ba su labari.

"Gwiwar ta dame ta a hanya?"

"A'a. Barci ta yi."

"Madalla."

Ya miƙo ƙafa, na zuba masa ruwa. Ina so in ce wani abu, na buɗe baki, sai ya nuna dunduniyarsa.

"Ƙara nan," in ji shi. "Kada in shiga wajenta a haka."