Kowane Darakta da Fihirisarsa

A ofishinmu na Garki, ni na ɗora wa rumbun bayanan rajistarmu fihirisar B-tree, mai tsari irin na bishiya. Maimakon kwamfuta ta karanta duk sunaye, sai ta bi rassan bishiyar, taku kaɗan ta cafko wanda ake nema.

Sai kowane darakta ya ce a yi masa tasa, kamar motar ofis. Na ce wa babbansu, "Ranka ya daɗe, duk sabon suna sai an saka shi a kowace bishiya, aiki zai yi nauyi." Ko a jikinsa.

Rajista ta koma tafiyar hawainiya, mutanen layi suna ta zagin akawunmu mai shigar da sunaye. Na nemi a rage, kowanne ya ce in goge ta ɗan'uwansa. Ƙarshe akawun aka kora, wai ba ta da sauri.